Wata ɗaya kacal na tsallake, me ya sa bashin wayata ya kusa ninkawa?

"Na karɓi waya a tsarin karɓi kaya ka biya daga baya. Kuɗinta 80,000, na ba da kafin alƙalami 20,000, aka ce in riƙa biyan 13,000 duk wata har wata shida. Wata na uku ne kawai na kasa biya, sauran duk na biya a ranarsu. Na ɗauka 13,000 ake bina da 'yar tara, sai ga shi an ce 23,500 ne. A takarda an rubuta tarar 1,000 kan duk kason da ya makara, da 50 a kowace rana. Cuta ce ko kuskure?"

Malam, da alƙalamin da ka kawo, lissafinsu ya fita daidai, ko da bai yi daɗin ji ba. Na yi shekaru ina aiki a sashen bin bashi na wani kamfanin ba da rance, kuma irin wannan ƙorafi shi ne wanda ya fi yawan zuwa teburina. Mutumin da ya gudu da kaya ba ya zuwa ƙorafi. Wanda ke zuwa shi ne irinka, mai rasit a hannu, wanda ya san ya biya, amma ya ga bashi yana hawa. Abin da ya kama ka sharaɗi ne guda ɗaya da mai sayarwa ba ya faɗa a kan kanta, wato wane bashi kuɗinka zai fara biya idan ya shiga hannunsu.

Kafin mu je can, bari mu ga abin da ka sa wa hannu tun farko. Bayan kafin alƙalami, saura 60,000. Kaso shida na 13,000 ya kama 78,000, ke nan akwai ƙarin 18,000 a kai, wato 3,000 a kowane wata. Dillali zai ce maka kashi 5 cikin 100 ne a wata, kuma idan aka auna da 60,000 haka ne. Sai dai ba 60,000 ake binka ba har ƙarshe. Kowane wata kana rage 10,000 daga uwar kuɗin, amma ruwan yana nan a 3,000 ɗinsa ko a watan ƙarshe da 10,000 kaɗai ta rage. Idan aka lissafa ruwan bisa abin da ya rage a kanka wata bayan wata, ya kai kusan kashi 8 cikin 100. Don haka wayar 80,000 ta riga ta zama ta 98,000 tun ranar da ka fita da ita, ko da ba ka makara da kwana ɗaya ba.

Inda kuɗinka suka tafi

Ka ɗauki bashin kamar layi ne na masu jiran a sallame su. Kai a zuciyarka, idan ka tura 13,000 ranar biyan wata na huɗu, wata na huɗu ka biya, na uku kuma yana gefe yana jiran ranar da za ka samu. Na'urar kamfani ba ta san wannan ba. A mafi yawan yarjejeniyoyin da na gani, tara ce a gaban layi, sai kaso mafi tsufa, sai wanda ke bi masa. Sabon kaso shi ne a can ƙarshe, ba ya samun komai sai an sallami waɗanda suka riga shi.

Mu bi shi wata-wata, muna ɗaukar kowane wata kwana 30 ne. Da ka tsallake kaso na uku, an ɗora maka 1,000 nan take, sannan 50 sau 30 ya ba da 1,500. Ranar biyan kaso na huɗu, tararka ta kai 2,500. Ka tura 13,000. Aka cire 2,500 na tara, aka zuba 10,500 a kaso na uku. Ke nan kaso na uku bai rufe ba, akwai saura 2,500 a kansa, shi kuma na huɗu ko taɓa shi ba a yi ba.

A nan abin ya juya. Washegari, a littafinsu kaso biyu ne suka makara, ragowar na uku da kuma na huɗu gaba ɗayansa. Na huɗu ya jawo tasa tarar ta 1,000, ta kullum kuma ta tashi daga 50 zuwa 100 tunda yanzu kaso biyu ake ƙirgawa. A kwana 30 ta zama 3,000. Jimillar tarar wannan wata 4,000, alhali kai kana zaune hankali kwance kana ganin ka biya a kan lokaci.

Ranar kaso na biyar ka sake tura 13,000. Tara ta ci 4,000, ragowar kaso na uku ta ci 2,500, aka zuba 6,500 a na huɗu. Saura 6,500 a na huɗu, na biyar kuma ya faɗa cikin waɗanda suka makara. Wata tarar 4,000 ta sake taruwa. Ranar kaso na shida ka tura 13,000 ta ƙarshe: 4,000 na tara, 6,500 ya rufe na huɗu, 2,500 ya shiga na biyar. Abin da ya rage shi ne 10,500 a kaso na biyar da 13,000 na kaso na shida. Haɗa su ka gani, 23,500 ne cif.

Wato tarar da ka biya ba tare da ka sani ba ta kai 10,500, kuma daga cikinta 2,500 ce kawai ta watan da ka san ka tsallake. Sauran 8,000 ɗin an ci ka ne a watannin da kake tura kuɗi a ranarsu. Abin da ya fi ba ni haushi da irin wannan tsari shi ne guntun 2,500 da ya rage a kaso na uku an riƙa ɗora masa 50 a rana daidai da kason da ba a biya ko kaɗan ba. Wasu kamfanoni suna lissafa tarar kullum a matsayin wani kashi na adadin da ya makara, to a nan guntu zai jawo tara guntuwa. Naka bisa abin da ka karanto kan kaso ake yi, ba a duba girmansa.

Da a ce wani ya nuna maka wannan a lokacin, mafita mai sauƙi ce. Da ka samu kuɗin kaso na uku bayan kwana goma, 14,500 za ka biya ka koma daidai. Da kuma ba ka samu ba sai ranar kaso na huɗu, kana buƙatar 28,500 kafin ka wanke gaba ɗaya. Idan wannan ya fi ƙarfinka, ƙara 2,500 a kan abin da ka saba turawa, wato 15,500, zai rufe tsohon kaso ɗungurungum, a bar ka da kaso ɗaya tal a makare. Tararka za ta tsaya a 2,500 a wata maimakon 4,000, a ƙarshe ka biya 7,500 maimakon 10,500, kuma abin da zai rage a kanka ranar ƙarshe shi ne 13,000 ɗin da ka yi zato.

Shin cuta ce? Idan wannan tsarin rabon kuɗi yana rubuce a yarjejeniyar da ka amince da ita, ba za a ce sun yi maka ƙarya ba. Amma a ganina kamfanin da ya karɓi kuɗin mutum wata uku a jere bai aiko masa da saƙo ƙarara cewa biyan nasa bai rufe gibin ba, ya ci moriyar rashin saninsa. Yana yiwuwa sun turo, ka ɗauka saƙon tunatarwa ne na kullum ka share. Duba saƙonnin da suka zo maka bayan kowane biya. Idan ka ga inda aka rubuta adadin da ya wuce wa'adi bai koma sifili ba bayan ka biya, alamar ke nan. Wannan adadin shi ya kamata mai bashi ya riƙa dubawa, domin jimillar bashi tana iya raguwa alhali mutum yana nan a makare.

Abin da ya bambanta bashin waya

Ba ka ce an kulle maka wayar ba, amma ka sa ran hakan. Abin da ya sa kamfani zai yarda ya ba mutumin da bai sani ba waya ba tare da jingina ba shi ne wayar ita kanta ce jinginar. Ana saka mata manhajar kullewa tun kafin a miƙa maka. Samsung na da tata mai suna Knox Guard, Google na da Device Lock Controller, kamfanoni irin su PayJoy kuma da wannan fasahar suka kafa sana'arsu. Idan wa'adi ya wuce, sai saƙonni su fara rufe fuskar wayar, daga nan a toshe ta, galibi a bar maka kiran gaggawa da hanyar biyan kuɗi kawai.

Akwai wani salo kuma, irin wanda M-KOPA ta yi fice da shi, inda ake biya kullum ko mako-mako, kowane biya yana saya maka kwanakin amfani. Kwanakin suka ƙare, waya ta kulle har ka sake zubawa. A irin wannan salo kullewar ce babbar bulala, kuma mutum yakan gane ya makara a ranar, ba sai bayan wata uku ba. Amma tana da nata ciwon. Wanda da wayar yake neman abinci, ko direba ne mai karɓar fasinja ta manhaja ko mai saye da sayarwa ta intanet, idan aka kulle ta an toshe hanyar da zai samo kuɗin buɗe ta. Na ga mutane da yawa da makarar kwana uku ta zame musu ta wata guda ta wannan hanya.

Za a ba ka shawarar kai ta wurin masu gyara a yi mata filashin. Kada ka ɓata kuɗinka. Irin waɗannan makullai an ɗaure su ne da lambar wayar ta asali, wadda ake kira IMEI, wadda za ka gani idan ka danna `*#06#`. Ko an goge komai, da zarar wayar ta hau intanet takan nemi uwar garke ta sake kulle kanta. Ko da ma an yi nasarar cire makullin, bashin yana nan da sunanka, kuma ka karya yarjejeniya, ka ba su hujjar neman kuɗinsu duka lokaci guda. Haka nan sayar da ita ga wani kafin ka gama biya, rigima ce kake saya wa kanka da shi.

Kayan shago: ba ruwa, amma akwai rana

Na kayan shago ya ɗan sha bamban, kuma da yake mai bashin waya sau da yawa yana da irin wannan ma a gefe, ya dace ka san shi. Salon da kamfanoni irin su Klarna da Afterpay suka yaɗa shi ne a raba kuɗin kaya gida huɗu. Ka biya kashi ɗaya a wurin saye, sauran ukun kuma ɗaya-ɗaya duk bayan mako biyu, a gama cikin mako shida, ba tare da ruwa ba. Da gaske ne ba ruwa. Kamfanin yana samun nasa ne daga mai shago, wanda ke ba shi wani kaso na kuɗin cinikin saboda mai saye yakan ɗauki abin da ya fi tsada idan kwata kawai zai fitar a ranar. Sauran ribar kuma daga tarar masu makara take fitowa. Hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta Amurka ta fitar da rahoto a 2022 kan manyan kamfanoni biyar na wannan harka, inda ta ce kashi 10.5 cikin 100 na masu amfani da su an ci su tarar makara aƙalla sau ɗaya a 2021, daga kashi 7.8 a 2020.

Abin da ke kayar da mutane a nan ranaku ne. Biyan yana faɗowa a rana ta 14, ta 28 da ta 42 bayan saye, shi kuwa mai albashi sau ɗaya yake ganin kuɗi a wata. Wanda ya yi sayayya washegarin albashi, kaso biyu za su same shi kafin wani albashin ya shigo, na biyun kuma a daidai lokacin da aljihu ya bushe. Idan ya yi irin wannan sayayya uku a makonni daban-daban, ya ɗora wa kansa ranakun biya har guda 9 cikin wata biyu, kowace da tata tarar. Ba wanda ke haɗa masa su wuri guda, musamman idan kamfanonin daban-daban ne, domin da yawansu ba sa ganin bashin da mutum ya ci a wurin ɗan'uwansu.

Sannan kusan duka suna cire kuɗinsu kai tsaye daga katin bankinka. Ranar biya na'ura ta gwada, ba kuɗi, sai ta sake gwadawa gobe ko jibi. A wasu bankuna kowane yunƙurin da bai yi nasara ba yana da nasa cajin, ko kuma a bari asusu ya shiga ja a ɗora masa ruwa. Ranar da kuɗi suka shigo kuwa, wanda ya fara kai hannu shi zai ɗiba, ba lallai wanda tararsa ta fi zafi ba. Sau da yawa haka kason waya yake faɗuwa: ƙananan basussuka biyu sun riga shi kwashe abin da ke asusun da safe.

Wani tarko kuma shi ne mayar da kaya. Mutum ya mayar da takalmi shago, ya ɗauka magana ta ƙare, ya daina biya. Amma bashinsa yana wurin kamfanin rance ne, kuma har sai shago ya sanar da su an karɓi kayan, jadawalin biya yana tafiya, tara tana hawa. Gara a ci gaba da biya ana riƙe da shaidar mayarwa, a karɓi kuɗin daga baya.

Yadda za ka fita daga 23,500

Abu na farko, ka sani agogo bai tsaya ba. Da zarar ranar kaso na shida ta wuce, shi ma ya jawo 1,000, kuma 100 a rana tana ci gaba, wato wata 4,000 a watan farko, sannan 3,000 duk wata bayansa. Yau ɗin nan ka nemi cikakken bayanin asusunka a rubuce, wanda ke nuna kowane biya da yadda aka raba shi tsakanin tara, ruwa da uwar kuɗi. Ka ɗora shi kusa da rasit ɗinka. Kuskuren da na fi gani shi ne biyan da aka tura ranar wa'adi da daddare amma aka shigar da shi washegari, aka ci shi tara. Idan ka samu irin wannan, kana da hujja mai ƙarfi. Ka kuma duba ko yarjejeniyar ta ba da kwanakin rangwame bayan wa'adi, ko ta sa iyaka ga jimillar tarar da za a iya ɗorawa. Wasu kamfanoni suna da wannan iyaka, Afterpay alal misali ta tsayar da tata a kwatan kuɗin kayan.

Daga nan ka nemi magana da sashen bin bashi, ba dillalin da ya sayar maka ba. Shi dillali ya riga ya karɓi ladansa, ba shi da ikon taɓa komai a asusunka. Kada ka je da faɗa, ka je da tayi. Ka ce kana da adadi kaza a hannu yanzu, za ka biya idan za a yafe tarar da ta taru bayan watan farko. A aikina, tara ita ce abin da aka fi saurin yafewa, domin ba kuɗi ba ne da kamfani ya fitar daga aljihunsa, kuma rufe asusu yau ya fi masa arha a kan biyan ma'aikata su yi ta kiranka. Uwar kuɗi ba a cika taɓa ta ba, ruwa ma da wuya. Tarihinka yana taimakonka: ka biya sau biyar cikin shida, duk mai duba asusun zai ga ba mai gudu ba ne. Tayin da zan fara da shi a matsayinka shi ne 15,500, wato kason da ka tsallake da tarar watansa na farko. Ba lallai su amince da shi duka ba, amma daga nan ciniki zai tashi. Duk abin da aka yarda da shi, ka sa a turo maka a rubuce kafin ka tura kuɗi, in ba haka ba na'ura za ta raba biyan yadda ta saba, alkawarin baki kuma ya bi iska.

Idan sun ƙi, kuma ba ka da kuɗin duka, kada ka riƙa tura ƙananan kuɗi barkatai don nuna kana ƙoƙari. Duk abin da bai wuce tarar da ta taru ba, tara ce za ta haɗiye shi. Ka tambayi adadin da zai rufe kaso na biyar gaba ɗaya a ranar da za ka biya, wato 10,500 da duk tarar da ke kai a lokacin, ka tura shi a dunƙule. Hakan zai mayar da tarar kullum daga 100 zuwa 50. Ko 200 ta rage a wannan kaso, ana ci gaba da ƙirga shi.

Cin sabon bashi a manhajar rance don rufe wannan kuwa, sai ka auna da alƙalami. Naka yanzu zai ci ka 4,000 a watan farko a kan 23,500, wato wajen kashi 17 cikin 100, daga nan 3,000 a wata, wato wajen kashi 13. Rancen da ya fi wannan sauƙi sosai, kamar na ƙungiyar ma'aikata ko na ɗan'uwa da ba ruwa, ya cancanta. Na mako ɗaya ko biyu da ake ba wa mutum cikin minti biyar galibi ya fi shi tsada idan aka mayar da shi lissafin wata, kuma zai dawo da kai kan irin wannan layin da wa'adi mafi gajarta.

Abin da ya sa nake matsa maka ka yi sauri bai tsaya a kan tara ba. Bashin da ya daɗe a makare yakan wuce zuwa ga kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, kuma a harkar rance kwana 90 shi ne mizanin da aka saba ɗaukar bashi ya lalace. Suna idan ya shiga can yakan ɗauki shekaru, ko bayan an biya, kuma banki zai gan shi ranar da ka je neman rancen da ya fi wannan muhimmanci. Ban ga takardarka ba, kuma dokar kare masu saye ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: wasu wurare an ƙayyade yawan tarar da za a iya ci, wasu an tilasta wa kamfani bayyana ainihin ruwan shekara kafin a sa hannu. Idan ka karanta yarjejeniyar kaf ba ka ga inda aka ce tara ake fara cirewa ba, to ka rubuta musu ƙorafi kana neman a sake lissafa biyanka a kan watannin da ka yi su domin su. In ba su amsa ba cikin wa'adin da suka ɗibar wa ƙorafi, ka kai maganar ga hukumar da ke sa ido kan masu ba da rance a ƙasarku, tare da rasit biyar ɗin nan da kwafin yarjejeniyar.